Canza lambar WhatsApp bayan an rufe tsohon layi

"Assalamu alaikum Malam. Ina sai da atamfa da leshi daga gida nan Mabera, kuma duk cinikina ta WhatsApp nike yi. Layin da nike amfani da shi da sunan ƙanena anka yi mai rajista, yanzu an rufe shi, ko saƙo ba ya shiga, amma WhatsApp ɗin na aiki. Na yanki sabon layi da NIN ɗina, kuma ina son in canza waya. Ƙaƙa zan koma sabuwar lamba ban rasa hirarrakina da guruf-guruf da lambobin kwastomomina ba? Ni ce admin ta guruf ɗin adashenmu."

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun kafin mu yi nisa, ki riƙe wayar nan da ke hannunki da kyau. Kada ki goge WhatsApp daga cikinta, kada ki ba wani yaro ya yi mata filashin, kada ki kai ta kasuwa musanye, har sai an gama aikin nan. Mutuwar layin ba za ta hana ki komai ba, amma in WhatsApp ya fita daga wayar, to an shiga uku.

Dalili shi ne, WhatsApp ba ya duba sim kullum. Sau ɗaya yake neman lamba ta tabbatar da kanta, wato ranar da aka yi rajista ya turo lambobi 6 ɗin nan ta saƙo. Daga nan data kawai yake ci, ko daga wane layi ta fito, ko da Wi-Fi ɗin maƙwabta ne. Shi ya sa naki yake aiki alhali layin ya mutu. Ranar da kika goge shi kika sake saukewa, zai sake tura lambobin zuwa layin da ba ya karɓar saƙo, ke kuma ki tsaya bakin ƙofa ba makulli. Abin farin ciki, wurin canza lamba ba a tura wa tsohon layi komai. Sabon kaɗai ake tura wa. Abin da ake buƙata daga tsohuwar lamba shi ne a tarar da ita a buɗe cikin wayar, kamar yadda taki take yanzu.

Abubuwa ukun da kike tsoron rasawa ba wuri ɗaya suke zaune ba, kuma rashin sanin haka ne yake sa mutane asara. Hirarraki, da hotuna da saƙonnin murya, cikin wayarki suke. Da zarar saƙo ya iso gare ki kamfanin ba ya ajiye miki kwafi, don haka babu wanda za ki roƙa ya dawo miki da su. Zamanki cikin guruf kuwa yana jikin asusunki ne can wurin kamfanin, an ɗaure shi da lambarki. Lambobin mutane kuma galibi ba na WhatsApp ba ne sam, na littafin lambobin waya ne, shi leƙawa kawai yake yi ya karanto sunayen. Kowanne da hanyar da ake tsare shi.

Mu fara da lambobin kwastomomi, don su ne aka fi rasawa ba a sani ba. Buɗe manhajar `Contacts` ta wayar, ki duba inda kowace lamba take ajiye. Wuri uku ne: cikin sim, cikin wayar kanta, ko cikin asusun Google. Masu ƙananan wayoyi da suka daɗe suna ajiyewa a sim, ranar da suka zare tsohon sim suka jefar, sai su ga WhatsApp ya cika da lambobi tsirara ba suna, su ce canza lamba ne ya cinye musu. Ba shi ba ne. Sunayen suna cikin ɗan katin da aka yar. Ko an rufe layi, abin da ke rubuce cikin katin yana nan, ana iya kwashewa. A cikin saitin `Contacts` akwai `Import` da `Export`. Sunan wurin yakan ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da Samsung, amma kalmomin nan biyu ba sa canzawa. Ki kwaso na sim da na waya ki zuba su cikin asusun Google. Sannan ki yi `Export` sau ɗaya, zai ba ki ɗan fayil mai ƙarewa da `.vcf`, ki tura wa kanki ta imel. Wata matsalar da ta fi wannan yawa wurin masu saye da sayarwa ita ce kwastomomin da ba a taɓa ajiye lambarsu ba, hira kawai ake yi da su. Ki zauna dare ɗaya ki bi su ki sa musu suna, ko da "Maman biyu Arkilla leshi" ne. Za ki ga amfaninsa nan gaba kaɗan.

Sai guruf ɗin adashe. Idan aka bi hanyar da ta dace, matsayinki na admin yana bin ki zuwa sabuwar lamba. Duk da haka ban taɓa taɓa wayar admin ba sai na sa ya naɗa mutum na biyu tukuna. Ki zaɓi wadda kika amince da ita cikin 'yan adashen ki ba ta admin, in komai ya tafi daidai kina iya sauke ta gobe. In kuwa wani abu ya karkace, akwai mai mayar da ke. Kuma tun da akwai lissafin kuɗin mutane a ciki, ki buɗe guruf ɗin, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, `More`, sai `Export chat`, ki zaɓi `Without media`, ki tura wa imel ɗinki. Wannan ba ya komawa cikin WhatsApp, rubutu ne kawai na karantawa, amma ranar da aka yi gardamar wa ya zuba wa bai zuba ba, shi ne shaidarki.

Sabon layin ma a gwada shi. Ki sa wani ya kira ki ya kuma turo miki saƙon tes na yau da kullum. Sabon sim wani lokaci yana kira amma saƙo bai fara shiga ba, musamman ranar da aka yanke shi. In tes bai shiga ba kada ki fara, ki jira ko ki koma inda kika yi rajista. Ba dole ne sim ɗin ya kasance cikin wayar da ke da WhatsApp ba, ko cikin 'yar ƙaramar waya mai tocila yake ya isa, muddin tana kusa da ke kina ganin saƙon. Ki cika caji, ki tabbatar da data, ki zauna inda sabis yake da ƙarfi.

Yanzu aikin kansa, a kan tsohuwar wayar. Ɗigo uku na sama, `Settings`, `Account`, `Change number`, `Next`. Za ki ga gida biyu, na sama tsohuwar lamba, na ƙasa sabuwa. Kowanne da ɗan gurbin lambar ƙasa, ta Najeriya 234. Sifirin farko ba a rubuta shi: lambar da ta fara da 0803 sai ki fara ta daga 803, ya zama lambobi 10 cif bayan 234. Mutanenmu na Illela da ke shiga Ƙonni su lura, in layin Nijar za a koma, gurbin ya zama 227, lambobin kuma 8 ne. Tsallaka ƙasa ba ya hana canjin. Ki karanta sabuwar lambar sau biyu daga jikin katin da sim ya zo a ciki, don mutum bai cika haddace lambar da ya yanka shekaranjiya ba.

Shafi na gaba shi ne wanda mutane suke tsallakewa da gaggawa, kuma sau ɗaya yake zuwa. Akwai `Notify contacts`. In kika kunna shi zai ba ki zaɓi uku: `All contacts`, wato kowa da ke littafinki, `Contacts I have chats with`, waɗanda kuke da hira da su, da `Custom`, ki tsinci waɗanda kike so da hannu. Ga mai sana'a irinki na biyun ya fi, ko na farkon in ba ki da wanda kike gudu. Nan ne sunayen da kika zauna kika ajiye za su yi miki rana. Guruf-guruf kuwa ba a tambayar ki, duk wanda kike ciki za a rubuta a ciki cewa kin koma sabuwar lamba, ko kin kunna ko ba ki kunna ba. Ina faɗar wannan ne saboda wasu matan suna canza lamba don su rabu da mai damunsu. In kuna guruf ɗaya da shi, ki fita daga guruf ɗin kafin canjin, in ba haka ba an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ki danna `Done`. Lambobi 6 za su shigo sabon layin, ki rubuta su. In ba su zo ba kada ki yi ta cusa na ƙirƙira, kuma kada ki yi ta danna a sake turowa, don kowane kuskure yana tsawaita lokacin jira, daga mintoci ya koma awoyi. Ki bar agogon da ke ƙirgawa ya ƙare, ki zaɓi a kira ki. Murya za ta karanto lambobin, ki tanadi biro. Idan bayan lambobin ya nemi wani fin da ba ke kika sa ba, alama ce layin da aka sayar miki ya taɓa zama na wani, kuma mai shi ya kulle WhatsApp ɗinsa da `Two-step verification`. Kamfanonin waya suna sake sayar da layukan da aka daɗe ba a amfani da su, ba sabon abu ba ne. Maganinsa haƙurin kwana 7, bayan nan a sake gwadawa. Cikin kwanakin kada ki taɓa komai a wayar.

In ya wuce, ki taɓa sunanki a `Settings` ki ga sabuwar lamba ce a rubuce. Hirarraki suna nan yadda kika bar su, don ba su motsa daga wayar ba. Hotonki da sunanki da saitinki sun biyo ki, guruf-guruf ma haka, asusun tsohuwar lamba kuma an shafe shi.

To a nan ne maganar sabuwar waya take shigowa, kuma a nan na fi ganin kuka a shago. Ajiyar da WhatsApp yake yi a Google Drive tana ɗaure da abu biyu: lambar waya da asusun Google. Ajiyar da aka yi da tsohuwar lamba ba ta buɗuwa da sabuwa. Saboda haka bayan canjin, kina kan tsohuwar wayar, ki shiga `Settings`, `Chats`, `Chat backup`, ki danna `Back up`, ki jira har ya nuna kwanan watan yau da girman ajiyar. Wannan ce ajiyar da za ta yi miki aiki. Ki duba imel ɗin da ke rubuce a wurin, shi za ki sa a sabuwar waya, ba wani ba. Lamba tukuna, ajiya ta biyo, waya daga ƙarshe.

Bari in ba ki labarin wani Alhaji mai fataucin albasa daga wajen Wurno, don a kansa kusan duk abin da kan karkace ya karkace. Ya sayi sabuwar waya da sabon layi rana ɗaya, yaron shagon ya sa masa sim, ya sauke WhatsApp, ya yi rajista da sabuwar lamba. Alhaji ya buɗe ya tarar da fili fetal: ba guruf ɗin dillalai, ba hirarsa da direbobin da ke kai masa kaya kudu, ba hotunan rasit. Bayan kwana biyu ya zo mini yana cewa, "Malam, sun cinye min komi." Tambayar farko da na yi masa ita ce ina tsohuwar wayar. Ya ce ya ba ɗansa. Na ce a kira yaron yanzu, a ce kada ya taɓa ta. Allah ya taimaka, wasa kawai yake yi da ita, bai goge komai ba, tsohon asusun yana nan a buɗe.

Abin da Alhaji ya yi shi ne buɗe asusu na biyu, ba canza lamba ba, kuma asusu biyu ba sa haɗuwa su zama ɗaya. Dole ɗaya ya kauce. Sabon asusun hira uku ce kacal a cikinsa, muka kwafe abin da ke ciki a takarda, muka cire WhatsApp daga sabuwar wayar. Muka koma tsohuwar muka bi `Change number`, lambobin suka shigo sim ɗin da ke cikin sabuwar waya, muka rubuta su a tsohuwar. Minti biyar bai cika ba guruf-guruf suka koma kan sabuwar lamba.

Ajiya ce ta ba mu wahala. Da muka buɗe `Chat backup` sai muka ga ba a taɓa yin ta zuwa Google ba ko sau ɗaya, saboda an bar ta a kan sai da Wi-Fi, shi kuwa Alhaji bai taɓa hawa Wi-Fi ba a rayuwarsa. Wannan ya zama ruwan dare a garin nan, ki duba naki. Akwai maɓallin da ke ba shi izinin amfani da datar sim, sai an kunna. Akwai kuma `Include videos`, wanda in yana kunne ajiyar takan kumbura ta cinye data. Ga shi tun 2024 ajiyar WhatsApp ta Android tana cin wuri cikin gigabait 15 ɗin da Google yake bayarwa kyauta, in hotuna sun riga sun cika shi ajiyar tsayawa take yi. Muka daidaita wannan duka, sai ga babbar: Alhaji bai san kalmar sirrin imel ɗinsa ba. Wani yaro ne ya buɗe masa shekarun baya, lambar da za a dawo da kalmar kuma ita ce tsohon layin da ya riga ya mutu. Ajiya a Google ba ta da amfani in ba za ka iya shiga asusun a sabuwar waya ba.

Sai muka bi ta ɗaya hanyar, wadda ni yanzu na fi so in wayoyin biyu suna gabana kuma dukansu Android ne. A tsohuwar, `Settings`, `Chats`, `Transfer chats`. A sabuwar aka sauke WhatsApp aka sa sabuwar lamba, ta nuna ɗan zanen nan mai murabba'i, muka haska shi da kyamarar tsohuwar. Wayoyin suna magana da juna kai tsaye, hirarrakin ba sa bi ta data, sai dai a kunna Wi-Fi a bar su kusa da juna, kada a fita daga shafin. Muka ajiye su kan teburi ya tafi sallar La'asar, ya dawo ya tarar da rasit ɗinsa. Lambobin mutane kuwa da fayil ɗin `.vcf` muka ɗauke su. Da a ce yaron nan ya yi wa wayar filashin, da hirarrakin sun tafi har abada, guruf kuma sai ya bi admin ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a sa shi.

In ke ta Google za ki bi, ki kiyaye wuri ɗaya. Bayan kin sa asusun Google a sabuwar waya, kin sauke WhatsApp, kin tabbatar da sabuwar lamba, zai ce ya ga ajiya, ya tambaye ki `Restore`. Ki karɓa a take. In kika danna `Skip`, zai buɗe babu komai, kuma Google ajiya ɗaya yake riƙewa, ta ƙarshe. Idan wayar ta yi sabuwar ajiya ta wofi, za ta hau kan mai kyau ta danne ta. Wanda ya yi wannan kuskuren ya cire WhatsApp nan take ya sake saukewa, kada ya bari a kwana. Idan kin taɓa sa fin na `Two-step verification`, a nan za a tambaye ki shi, don haka ki tuna shi tun yanzu, ki kuma haɗa shi da imel da kike iya buɗewa. Daga Android zuwa iPhone hanya ce daban, ajiyar Google ba ta buɗuwa a can. Masu GB WhatsApp da ire-irensa kuma, duk abin da na faɗa ba na ba su tabbaci a kai, don ba sa ajiya a Google yadda na asali yake yi, kuma ana rufe asusu saboda su.

Saura abin da ba wanda yake gaya wa masu sana'a, sai sun ga ciniki ya ja baya. Sitatus ɗinki ba ya bayyana sai ga wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki. Saƙon `Broadcast` ma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki. Kwastomominki tsohuwar lamba ce a wayoyinsu. Sanarwar da WhatsApp ya tura musu ba ta ajiye musu sabuwa, sai sun taɓa da hannunsu sun ajiye. Saboda haka washegarin canji za ki ɗora sabbin atamfofi ki ga masu kallo sun ragu ƙwarai, ki zaci an yi miki wani abu. Ba a yi miki komai ba. Kwana biyu ko uku kafin canjin, ki riƙa sa sabuwar lambar a sitatus tun tsohuwar tana kai wa ga kowa, ki ce su ajiye. Bayan canjin ki bi manyan kwastomomi ɗaya-ɗaya. Da murya za ki yi, ba rubutu ba, don "na canza lamba, ga asusun da za a tura kuɗi" ita ce waƙar 'yan damfara, kuma mai hankali ba zai yarda da rubutu kaɗai ba. A guruf ɗin adashe ma ki yi saƙon murya, ki ce asusun banki bai canza ba. Kuma duk wanda ya kira ki cikin kwanakin nan ya ce ki karanto masa lambobi 6 da suka shigo miki, ko ya ce daga guruf yake, ki kashe wayar.

Tsohon layin kuma kada ki manta da shi don WhatsApp ya bar kansa. Wata rana za a iya sayar da shi ga wani. In shi ne a bankinki, ko a jikin BVN, ko shi ne lambar dawo da imel da Facebook, ki bi su ki canza tun yanzu, na banki da ƙafarki za ki je. Tsohuwar wayar ki riƙe ta mako guda bayan komai ya koma sabuwa, ki buɗe tsofaffin hirarraki a sabuwar wayar ki ga hotuna da muryoyi suna buɗuwa, ki ƙirga guruf-guruf ɗinki. In sun cika, ki cire asusun Google da katin memori, ki yi mata `Factory reset`, sannan ki kai ta musanye.